Kada ka haddace labarin shari'a, ka tsage shi gida huɗu

Ɗaliban lauya na harabar Kongo ta ABU Zariya, ga wata dabara kafin jarrabawa. Kowace shari'a da ke littafinka, mayar da ita layi huɗu a kati guda: batu, ƙa'ida, ɗorawa, wato ɗora ƙa'idar a kan labarin, sai hukunci.

Ɗauki Carlill v Carbolic Smoke Ball, ta Ingila. Kamfani ya yi talla cewa zai biya fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa yadda aka tsara amma mura ta kama shi. Batun: shin wannan talla tayi ce da za ta zama kwangila? Ka rubuta shi a matsayin tambaya. Ƙa'idar: ana iya yi wa duniya baki ɗaya tayi, wanda ya cika sharaɗin kuma ya karɓa ke nan, ba sai ya sanar ba.

Layi na uku ne ke kawo maki, shi kuwa ake yi wa rowar tawada. Rubuta hujjar da hukuncin ya dogara a kanta: kamfanin ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki, alamar ba wasa yake ba. A jarrabawa malam zai canza labarin, ya ce wani ɗan kasuwar Sabon Gari ne ya yi alkawarin tukuici. Sai ka tambayi kanka, me ya yi da ke nuna da gaske yake? In babu, faɗi haka, ka nuna bambancin. Hukunci jimla ɗaya ya isa.

In tambayar "tattauna" ce, ko shari'ar na da batutuwa uku, kati guda ba zai ɗauka ba. Yi wa kowane batu nasa.