Kashi goma na me? La'adar dillalin shago a Zariya

'Yan uwa masu tasowa daga Maraɗi, Damagaram da Tawa don buɗe shago a Zariya, masauki ba zai ba ku wahala ba. Ka sauka Kwangila, ka kira na gida, kafin magariba an ba ka tabarma da tuwo. Mutanenmu na Sabon Gari da Tudun Wada ba su taɓa barin ɗan uwa ya kwana a tasha ba, kuma ina alfahari da wannan. Canjin sefa zuwa naira ma kwana biyu ya ishe ka ka gane kansa. Inda ake zubar da jari shi ne wajen kama shago, musamman wajen la'adar dillali.

A gida mun saba biyan haya wata-wata. A nan kuɗin shekara ake ajiyewa gaba ɗaya, kuma a kan kuɗin shekarar ake lissafa la'ada. Abin da aka fi sabawa da shi kashi 10 cikin 100 ne, mai kama haya ke biya, ɗori a kan kuɗin mai shago. Al'ada ce ta kasuwa, ana iya tayawa, wani dillalin kan sauko zuwa kashi 5 idan hayar mai tsoka ce. Lissafin kansa ba wuya. A ce shago ne a bakin kasuwar Sabon Gari, hayarsa naira 480,000 a shekara. Ka cire sifili ɗaya na ƙarshe, ka sami 48,000, kashi goma ke nan. Idan kashi 5 kuka yi, rabinsa, 24,000. Idan kashi 7.5 ne, ka haɗa 24,000 da rabinta, 36,000.

Abin da ke ba ni haushi, sabon zuwa zai yi ta ja da dillali a kan a rage masa kashi, gumi na zuba, amma ba zai tambayi kashi goman na wane kuɗi ba ne. Alhali nan ne ake cin sa.

Ban da haya da la'ada, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, wanda wasu ke kira kuɗin lauya, akwai kuma kuɗin ajiya da mai shago kan riƙe saboda ɓarna, ya mayar maka ranar da ka tashi idan ba ka lalata komai ba. A misalinmu, a ce yarjejeniya 30,000 ce, ajiya 50,000. Dillali mai wayo zai tara maka su a waya: 480,000 da 30,000 da 50,000, ya kama 560,000, sai ya ce, "To Alhaji, kashi gomana 56,000." Ya faɗi da sauri, ya nuna maka fuskar wayar, kai kuma ka ga lissafi daidai ka gyaɗa kai. Tarawar daidai ce, amma ya ci la'ada a kan kuɗin lauya da kuma kan kuɗin ajiyarka, wanda har yanzu naka ne. Naira 8,000 ta tafi a banza. La'ada a kan haya kaɗai take, 48,000, kuma duk abin da zai fita daga aljihunka ranar karɓar makulli 608,000 ne.

Haka nan idan an fara sa maka suna 550,000, kuka taya aka daidaita a 480,000, la'ada tana bin farashin da aka sallama. Na ga wanda ya karɓi 55,000 da hujjar wai asalin kuɗin shagon ke nan.

Wanda ya fi ciwo shi ne na shekara biyu. Wasu masu shaguna, musamman idan ginin sabo ne, kan ce sai an biya shekara biyu a farko. Hayar ta zama 960,000, dillali kuma ya miƙo hannu yana neman 96,000. A nan ba zan ce maka sata ba ce kai tsaye, domin akwai dillalan da tsarinsu ke nan, kashi goma na duk abin da aka biya. Amma aikin da ya yi guda ne, shago ɗaya ya nuna maka, don haka kana da bakin magana ka ce na shekara ɗaya za ka biya, ko ku haɗu a tsakiya. Sharaɗin shi ne ka yi maganar tun kafin ka hau bayan babur ɗinsa. Wani yaro ɗan garinmu da ya zo da jarin sayar da kayan waya ya same ni a shago da dare, idanu jajur, ya ce, "Kawu, sun ce sai na cika dubu arba'in da takwas." Ya riga ya tura wa mai shago kuɗin shekara biyu, makulli kuma yana hannun dillali. Na tafi da shi, muka zauna a kan benci gaban shagon da aka garƙame da kwaɗo, na yi ta lallami har shayin da aka kawo mana ya huce. Dillalin ya ce, "Malam, ai bai tambaye ni ba." Gaskiya ya faɗa. Da ƙyar ya yafe rabi, yaron ya cire cikon daga kuɗin kanta da fenti, ya yi wata guda yana jera kaya a kan kwali.

Akwai kuma masu ba ka farashi dunƙule: "Duka-duka 528,000, har da nawa." Kada ka ɗauki kashi goma na wannan adadi, zai ba ka 52,800, ba daidai ba. Tunda haya kaso goma ce, la'ada kuma kaso ɗaya a kanta, sai ka raba jimillar gida 11. Kaso ɗaya, 48,000, na dillali, sauran goman, 480,000, na mai shago. Amfanin warewar yana zuwa ne baɗi. Idan aka rubuta maka rasit ɗaya na 528,000, ranar sabuntawa za a ce maka ai hayarka ke nan, ga shi a rubuce. Ka nemi rasit biyu, na haya da sa hannun mai shago ko wakilinsa, na la'ada da sa hannun dillali. Sabunta haya kuma a al'ada ba ta da la'ada, sai dai idan an sa hakan cikin yarjejeniya kai kuma ka sa hannu ba ka karanta ba. Takardun nan galibi da Turanci suke, mu kuwa Faransanci muka yi, in ma mun yi. Ka tafi da wanda zai karanta maka layi-layi.

Za ka lura sau da yawa mutum uku ke raka ka ganin shago: wanda ka sani, wanda ya san wanda ke da makulli, da mai makullin. La'ada ɗaya ce, su za su raba ta tsakaninsu. Ka faɗi haka a gabansu duka, ka miƙa kuɗin ga mutum ɗaya sauran suna kallo. Ɗan kuɗin mai da suke karɓa na zirga-zirga daban ne, ka tambaya ko za a cire shi daga la'ada idan ciniki ya faɗa.

Alamar da ba na wasa da ita ita ce dillalin da ya hana ka ganin mai shago. Kullum Alhaji ya yi tafiya Kaduna, ko wayarsa a kashe. Sau da yawa hakan na nufin mai shago 400,000 ya ce, dillali ya ɗora 80,000 tasa, sannan ya zo ya karɓi kashi goma a kan 480,000 ɗin. Ka shiga shagon da ke maƙwabtaka, ka sayi ko da ruwan leda ne, ka tambayi nawa suke biya kuma wa ke karɓa. In ka ga da tazara, ka ce sai an haɗa ka da mai shago, ko ku je gaban mai unguwa ko shugabannin kasuwa. Kada ka saki la'ada sai ka ji farashi daga bakin mai shago, an sa hannu a takarda, ka kuma gwada makullin a ƙofar da kanka.