Babi na Huɗu: Zaɓen Man Shafawa, Man Kunzugu da Ruwan Wankan Jariri

Darasi na 1: Juya kwalba

Kowa ya ɗauki kwalbar da ya zo da ita. Kada a buɗe, kada a sansana. A juya ta baya.

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma kusan kullum abin da ɗalibi ke fara yi shi ne ya buɗe murfi ya kai hanci. In ya ji ƙamshi sai ya ce mai ya yi. Ba laifinku ba ne, haka muke zaɓar namu. Amma fatar jariri ta fi tamu laushi da rashin kauri, abin da aka shafa mata yana saurin shiga, kuma turare na cikin abubuwan da suka fi sa ta ja da ƙaiƙayi. Hoton jariri a gaban kwalba ado ne kawai. Bayanin gaskiya yana baya.

A baya za ku ga ƙananan rubutu a jere, waƙafi na raba su. Sunayen abubuwan da aka haɗa ke nan. Abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, shi ya sa sau da yawa ruwa ne na farko. Turare yakan zo can wajen ƙarshe. Ku ɗora yatsa, ku bi layin a hankali har ya ƙare. Kalmar da muke nema haruffa shida gare ta, tana farawa da p, tana ƙarewa da m, ana karanta ta farfum. Wani lokaci kuma ta fi tsawo, ta fara da f da r, ana cewa firegirans. In kun ga ɗayansu, ku ajiye kwalbar.

Wanda bai gano ba kada ya ji kunya. Rubutun ƙanana ne, ni ma sai na matso da shi kusa da ido. A sake: juya kwalba, ɗora yatsa, bi layi har ƙarshe. In ya gagara, a miƙa wa mai sayar da magani a ce, "Don Allah duba mini, akwai turare a ciki?"

Idan babu turare, ku duba ranar lalacewa. Sannan ku shafa ɗan kaɗan a ƙafar jariri, wuri ɗaya, ku jira awa 24. In wurin bai yi ja ba, a ci gaba. Ku sani kuma saɓar da jariri ke yi a makonnin farko ba ciwo ba ce, da kanta take wucewa. Inda ya bushe kawai ake shafa wa mai.

Darasi na 2: Man kunzugu

Fitsari da kashi ne ke cin fatar da ta daɗe a jiƙe cikin kunzugu. Aikin wannan mai shi ne ya tsaya tsakaninsu da fata. Ku nemi mai sinadarin zink oksaid, fari ne mai kauri, sunansa na farawa da z. Basilin zalla ma yana yi. Shi ma a juya a duba turare.

Wata ɗaliba ta kawo mini kuka cewa ta sayi mai kyau amma ɗuwawun 'yarta sai ƙara ja yake. Da na tambaya, ashe tana shafawa a kan jiƙaƙƙiyar fata, kuma duk canji sai ta dirje na baya. Muka gyara: ta wanke da ruwan ɗumi, ta ɗan danna da tsumma mai laushi har ya bushe, ta bar iska ta buga, sannan ta shafa da kauri har fatar ta ɓoye. In an zo canji, wanda ya ɓaci kaɗai ake cirewa. Cikin kwana uku jan ya lafa.

In kwana uku sun wuce ba sauƙi, ko jan ya shiga cikin matsematsi da ƙananan ɗigo a gefe, wataƙila ƙwayar fangas ce, wannan mai ba ya kashe ta. A je asibiti. In akwai zazzaɓi ko ƙuraje masu ruwa, a je a ranar.

Kuma ina roƙonku, ku daina shafa wa jariri ragowar man ƙaiƙayi na manya. Na faɗa, na sake faɗa, har yanzu ana yi. Da yawansu na ɗauke da wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroid, yana cinye kaurin fata. Hoda ma a bari, jariri yana shaƙar ta. Makon jiya ma na ga mutum uku sun buɗe murfi suna sansanawa. Me muka ce? A juya kwalba!

Darasi na 3: Ruwan wanka

A makonnin farko ruwan ɗumi kaɗai ya isa. Bayan nan a nemi sabulun jarirai na ruwa, marar turare, wanda aka rubuta wa pH 5.5 ko kusa da haka, wato ma'aunin tsaminsa. Sabulun manya yana busar da fata. Ɗigo kaɗan, a ɗauraye sosai.

Aiki: Ku juya kwalabe biyu, ku rubuta wadda ba ta da turare.