Darasi na 9: Sa wa Aiki Suna Kafin a Tura

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na ajin yamma a Agege. Ga abin da muka amince a kai ranar Asabar, saboda waɗanda cunkoso ya riƙe a hanyar Mile 12.

Makon jiya hotuna 23 suka shigo wayata, kowanne da suna irin `IMG-20240312-WA0007.jpg`. WhatsApp ne ya raɗa wannan suna, kuma bai gaya mini mai aikin ba. Masu suna Rabi uku gare mu a aji, sai da na riƙa duban rubutun hannu kafin na raba su.

Daga yau sunan yana da gaɓa huɗu: darasi, lambarku ta rajista, sunanku, sai shafi. Hajiya Rabi mai lamba 07 ta yi darasi na 4 a shafi biyu, ga nata:

```
D04_07_Rabi_1.jpg
D04_07_Rabi_2.jpg
```

Ɗan layin nan da ke kwance a ƙasa, `_`, za ku same shi idan kun taɓa `?123`. A sa sifili, 04 ba 4 ba, domin wasu manhajoji suna jera 10 kafin 2 idan babu shi. Kada a sa `/`, waya ba ta karɓa. Wutsiyar nan `.jpg` a bar ta yadda take.

Ku buɗe manhajar `Files`, ku danna hoton ku riƙe, ku taɓa ɗigo uku na sama, ku zaɓi `Rename`. Ku rubuta a hankali, ba gasa muke ba.

To, ga inda kowa ke tuntuɓe. Wajen turawa, ku taɓa alamar maƙalar takarda, ku zaɓi `Document`. Ba `Gallery` ba. Idan kun bi ta `Gallery`, sunan da kuka sha wahalar rubutawa ba zai iso gare ni ba, hoton ma zai rage kyau. Mu sake: maƙala, sannan `Document`. Yaya za ku gane? Ku dubi saƙon bayan ya tafi. Idan sunan fayil kuke gani a rubuce, kun yi daidai, madalla. Idan hoton kansa ne ya fito ɓaro-ɓaro babu suna, ku koma ta `Document`. Babu kunya, ni ma haka na fara.

Amma Baba, don Allah, sau uku ke nan ina nuna maka a kan wayarka, jiya kuma ta `Gallery` ka turo. Daga Litinin, hoton da ya zo babu suna ba zan duba ba.

Jerawa: shafi na 1 kafin na 2, ɗaya bayan ɗaya, babu gaisuwa a tsakani.

Gyara: wanda ya sake aiki ya ƙara `_gyara` kafin `.jpg`.

Adanawa: kowane darasi da jakarsa a waya, `D04`, `D05`. Wannan sai mun haɗu.