Yadda ake gane ko kaza ko naman shanu ya nuna ta hanyar duba hoto

Ranar Lahadi bayan magariba ƙanwata da ke aure a Tumfure, cikin Gombe, ta turo mini hoton cinyoyin kaza guda shida a faranti. Sun soyu sun yi ja gwanin sha'awa. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, don Allah duba mini, sun yi? 'Yan'uwan maigidan suna falo." Ni kuwa ina nan Bauchi, tsakaninmu kusan tafiyar awa biyu a mota, ba halin in taɓa ko in ɗanɗana. Na ce mata wannan hoton ba zai amsa tambayarta ba, sai dai ta sake wani. Ga yadda muka bi, kuma haka nake bi da duk wadda ta turo mini irin wannan.

Da farko ki manta da bayan naman. Fata tana yin ja ne saboda zafin mai, kuma mai mai zafi sosai zai iya soya fata cikin mintuna kaɗan alhali zafin bai kai tsakiya ba. Ya fi faruwa da kazar firiza da ba a bari ƙanƙararta ta gama saki ba. Haka tsire: ƙuli-ƙuli da yaji da mai sun rufe shi, hoto ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsu. Saboda haka a nemi a yanka. A zaɓi yanki mafi girma a farantin, a tsaga shi a inda ya fi kauri. In cinya ce, wuƙa ta kai har ƙashi, musamman wajen gaɓar da ta haɗa cinya da ƙafa, domin nan ne zafi yake isa a ƙarshe. A buɗe tsagar da cokali mai yatsu, a ɗauki hoton nan take kafin ruwan ya bushe.

Na biyu shi ne haske, kuma nan mutane suka fi ruɗuwa. Ƙwan lantarki mai rawaya yana ɓoye ja-jan nama, sai ɗanye ya fito kamar dafaffe. Tocilar waya kuma tana sa kowane nama sheƙi, ko da ya nuna tuɓus. Wayoyi da yawa ma da kansu suke ƙara wa abinci launi don ya yi kyau. Abin da nake cewa a yi shi ne a ajiye farin faranti ko farar takarda a gefen naman. In farin ya fito rawaya ko shuɗi-shuɗi a hoton, to launin naman ma ƙarya ne. Da rana a fita tsakar gida a ɗauka a inuwa, da dare a tsaya ƙarƙashin farin ƙwai. In ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin Document, don kada a matse hoton zare-zaren naman su ɓace in an jawo shi kusa.

To, hoto mai kyau ya zo. Me ake dubawa?

A kaza, yanayin tsokar ya fi launinta faɗin gaskiya. Tsokar da ta nuna ba ta sheƙi, haske ba ya ratsa ta, kuma za ki ga ta rabu zare-zare a inda wuƙa ta bi. Ƙirji yakan yi fari fat, cinya kuma fari mai duhu-duhu. Wadda ba ta nuna ba tana da santsi da ƙyalli, kamar jiƙaƙƙen sabulu, babu zare, kuma tana manne da ƙashi gam. A dubi ruwan da ya taru a tsagar ko a kan faranti: garau yake da ɗigon mai a sama, ko kuwa ja-ja ne mai gurɓi? Hoton ƙanwata na biyu ya nuna fari daga waje har kusan rabi, sannan daga nan zuwa ƙashi tsoka mai ƙyalli ruwan hoda, da jan ruwa kwance a gaɓar. Babu wata tantama. Na ce ta mayar da su tukunya duka shida, ba wadda aka yanka kaɗai ba, ta zuba ruwa rabin kofi, ta rufe, ta rage wuta na kamar minti goma sha biyar, sannan ta tsaga wata cinyar daban ta turo.

Hoto na uku ne ya tayar mata da hankali. Tsokar ta yi zare, ta saki ƙashi, ruwan garau, amma jikin ƙashin yana nan da wani ja mai duhu. "Yaya, har yanzu akwai jini." Ba jinin ɗanyen nama ba ne. Kajin gona ana yanka su suna da sati shida zuwa takwas, ƙashinsu bai gama ƙwari ba, sai launin ɓargo ya tsattsafo ya rina naman da ke jikinsa, balle in kazar ta kwana a firiza. Ko awa za ki yi kina dafawa wannan tabon ba zai tafi ba. Bambancin shi ne tabon ɓargo ja-baƙi ne, yana liƙe da ƙashin, kuma tsokar da ke kusa da shi ba ta sheƙi. A kazar gida da ta manyanta ba kasafai ake ganinsa ba.

Akwai wani jan kuma da ba laifi ba ne. Naman da aka gasa a hankali a kan itace ko gawayi, irin balangu ko gasasshiyar kaza, yakan yi zobe ruwan hoda dab da ƙarƙashin bayansa. Hayaƙi ne ya kama launin. A lura da inda jan yake: na hayaƙi yana gefe, tsakiya ta dahu, na ɗanye yana tsakiya, gefe ya dahu.

Naman shanu ya fi sauƙin karantawa in gunduwa ce. A yanka ta gicciye, a duba tsakiyar. Ja mai sheƙi ɗanye ne, ruwan hoda rabin dahuwa, ruwan ƙasa ko toka-toka har ciki ya nuna. Ni a naman da muke saye a kasuwa, ko Muda Lawal ko Wunti, ba na yarda da ruwan hoda, don ƙwayar tsila tana iya zama a cikin tsokar saniya kanta, ba a bayanta kawai ba. Niƙaƙƙen nama na cikin samosa kuwa, kada ki yarda da hoto ko kaɗan. Yakan yi ruwan ƙasa tun zafinsa bai kai ba, kuma niƙa ta riga ta cusa ƙwayoyin cutar da ke waje zuwa ciki.

Iyakar hoto ke nan. Zai iya tabbatar miki cewa nama bai nuna ba, amma ba zai ba ki tabbacin ya nuna ba, domin zafi ne ke kashe ƙwayar cuta irin salmonela, launi shaida ce kawai. Ma'aunin zafin abinci shi ke raba gardama: kaza digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, niƙaƙƙen naman shanu 71, gunduwa aƙalla 63 tare da barinta ta huta minti 3. A soka shi a tsoka mai kauri, kada bakinsa ya taɓa ƙashi. Duk mai sana'ar abincin biki ya kamata ta mallaki ɗaya, sai ta riƙa turo hoton lambar da ya nuna maimakon hoton naman.

Ƙanwata ba ta da ma'aunin a daren nan. Da yake cikin baƙin akwai mai juna biyu da ƙananan yara, na ce ta ƙara minti biyar a rufe, sannan ta sake jefa cinyoyin a mai mai zafi na ɗan lokaci don fatar ta dawo da ƙarfinta kafin ta kai falo.