Darasi na Tara: Gano Manhajar da Ke Shanye Caji a Waya

Idan waya ta fara cinye caji da wuri, abin da mutane suka fi yi shi ne su sauya batir, ko su goge hotuna. Sau da yawa duka biyun asara ce, domin ba a gano inda matsalar take ba. A wannan darasi za mu koyi auna waya kafin a taɓa komai a cikinta. Abin da ake buƙata shi ne takarda, biro da dare ɗaya.

Awon dare

A cika wayar da caji har 100, domin wayoyi da yawa daga nan suke fara sabon lissafi. A zare igiya, a rubuta lokaci, a ajiye wayar da data a kunne kamar kullum, kada a taɓa ta har asuba. Da safe a rubuta abin da ya rage.

Mu ɗauki misalin wata mai sayar da turaren wuta a Ƙofar Ƙaura, wadda cinikinta duk ta waya ne. Ta zare caji ƙarfe 10 na dare, da ƙarfe 6 na safe ta tarar da 78. Wato kashi 22 ya tafi a cikin awa 8, kusan kashi 3 a kowace awa, alhali ba ta kunna fuskar wayar ba. Batirinta 5000 mAh ne, don haka kashi 1 daidai yake da 50 mAh, asararta ta dare 1100 mAh ke nan. A ganina, wayar da ke ajiye bai kamata ta wuce kashi 1 a awa ba. Dalili kuwa, tun Android 6.0, wanda ya fito a 2015, akwai tsarin Doze da ke sa waya barci idan an ajiye ta, ya jinkirta ayyukan manhajoji. Idan caji ya zube haka, to wani abu ne yake ta tashinta.

Don gano shi, sai a shiga Settings, a taɓa Battery, sannan Battery usage. Sunayen sukan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma idan an rubuta Battery a gurbin nema na Settings za a isa. Jerin manhajoji zai fito, kowace da kasonta. Nan ne mutane ke ruɗewa. Zama a saman jeri ba laifi ba ne, wanda ya yini yana kallon bidiyo dole manhajar bidiyo ta hau sama. Abin dubawa shi ne lokaci iri biyu da ake nunawa idan an taɓa sunan manhaja: wanda ta yi a kan fuska, da wanda ta yi a ɓoye, inda aka rubuta Background. A wayar mai turare, wata manhajar gajerun bidiyo ta nuna minti 0 a fuska, amma awa 5 a ɓoye. Ita ce ake zargi.

Gyara ɗaya, awo ɗaya

A shafin batir na manhajar akwai zaɓi uku a Android 12 da wasu na bayansa: Unrestricted, Optimized da Restricted. Na ƙarshen ne yake taƙaita mata aiki a ɓoye. Mai turare ta zaɓe shi, ba ta sauya komai ba bayan wannan, ta maimaita awon a dare na biyu. Da safe ta ga 94. Da a ce ta gyara abu biyar a lokaci guda, da ba za ta san wanne ya yi magani ba.

Sai dai a kula. Manhajar da aka taƙaita, saƙonta na iya makara ko ya ƙi shigowa sai an buɗe ta. Kada a yi wa manhajar banki haka, ko wadda kwastomomi ke turo saƙo ta cikinta, ko mai tunatar da lokacin salla.

Wani lokaci ba manhaja ce a saman jeri ba, sai a ga Mobile network ko Cell standby. Wannan raunin sabis ne: waya na ƙara ƙarfi don ta kamo turken sadarwa, kamar yadda ake gani a ƙuryar ɗaki ko a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa. Idan kuwa an kwana da Airplane mode a kunne, jeri bai nuna mai laifi ba, amma caji ya zube, to batirin ne ya tsufa. Wanda ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, a daina cajinsa, a kai wa mai gyara.

Wurin aiki da wurin ajiya

Waya tana da RAM, tana da Storage. Storage kamar sito ne na ajiye kaya, RAM kuwa teburin da ake baje abin da ake aiki da shi yanzu. Goge hotuna sito yake ragewa, ba ya faɗaɗa tebur. Alamar RAM ya yi kaɗan ita ce ka fita daga manhaja ka duba lambar asusu, ka dawo ka tarar ta fara daga farko.

Don ganin abin da ya cika shi, a shiga About phone, a taɓa Build number sau 7, a sa lambar buɗe waya idan ta nema. Developer options zai bayyana, galibi a ƙarƙashin System. A ciki a buɗe Running services. Zai nuna RAM da ake amfani da shi, da wanda ya rage, da kowace manhaja da girman abin da ta riƙe da tsawon lokacin da ta yi tana aiki. Wadda ba ka buɗe ba kwana da kwanaki amma tana nan, a cire ta, ko a koma ƙaramar sigarta mai suna Lite idan tana da ita. Kada a tsayar da Google Play services, kuma kada a taɓa sauran maɓallan da ke Developer options.

Manhajojin da ake tallata su da sunan share waya ko ƙara mata sauri, ni ban ga amfaninsu ba. Suna kashe manhajoji, Android ya sake tayar da su, tayarwar kuma ta ci caji fiye da barin su kwance.

Ga mai kwamfuta

Idan jerin Settings bai bayyana komai ba, mai gyaran da ke da shirin adb a kwamfutarsa, wanda ake aika wa waya umarni da shi, zai iya zurfafawa. Zai kunna USB debugging a Developer options, ya jona waya, ya share tsohon lissafi:

```
adb shell dumpsys batterystats --reset
```

Sai a zare igiya, domin lissafin ba ya tafiya idan waya na kan caji. Washegari a sake jonawa:

```
adb shell dumpsys batterystats > batir.txt
adb shell dumpsys meminfo com.whatsapp
```

A cikin batir.txt a nemi Estimated power use, da kuma All partial wake locks, inda ake ganin abin da ya hana waya barci da tsawon lokacin. Umarni na ƙarshe yana nuna RAM ɗin manhaja ɗaya, a sauya com.whatsapp da sunan wadda ake bincike. A duba TOTAL PSS, a raba da 1024 don a samu MB: 307200 ya zama 300 MB. A yi amfani da manhajar na ɗan lokaci, a fita, a sake aunawa. Idan adadin yana ta hawa ba ya sauka, manhajar ba ta sakin abin da ta gama da shi, kuma maganin sabunta ta ne ko maye gurbinta. Da an gama a kashe USB debugging.

Aikin gida

Kowa ya yi awon dare biyu a wayarsa. A rubuta lokacin zare caji, lokacin dubawa, kason da ya tafi a kowace awa, da sunan manhajar da ta fi daɗewa a Background. A zo da takardar aji mai zuwa, za mu yi rabawar tare a allo.