Darasi Na Bakwai: Yadda Ake Sa Hoto Ya Yi Motsi

Mu ɗauki misalin mai sayar da turaren wuta a Jidda. Tana da hoto guda: kasko da garwashi, ga kwalbar turare a gefe. Tana so hayaƙin ya riƙa tashi, ta ɗora a WhatsApp masu saye su gani.

Za ta buɗe manhaja irin su Kling ko Runway, ta zaɓi wurin da aka rubuta Image to Video, ta ɗora hoton. Hoton ya kasance mai haske, kuma a tsaye aka ɗauke shi, don ya cika fuskar waya. Daga nan sai ta rubuta motsin da take so. Ba sai ta bayyana kasko ko kwalba ba, ai suna cikin hoton. Motsi ɗaya ya isa, kuma rubutun Turanci ya fi ba da sakamako mai kyau:

```
Smoke rises slowly. Camera does not move.
```

Ma'anarsa, hayaƙi ya tashi a hankali, kyamara ta tsaya cak. Bayan ɗan jira za ta samu bidiyo gajere, yawanci na daƙiƙa 5 zuwa 10.

Bidiyo hotuna ne masu yawa da ke wucewa da sauri, sau da yawa 24 a kowace daƙiƙa. Ke nan a daƙiƙa 5 akwai hotuna 120. Na farkon ne kaɗai nata. Sauran duk na'ura ce ta ƙago su, tana kintatar abin da zai biyo baya. Hayaƙi ba shi da siffa guda, don haka ko ta kintata ba daidai ba, ido ba ya kamawa. Haka ruwa da gajimare da labule mai kaɗawa.

Rubutu kuwa ba haka ba ne. Sunan turaren da ke jikin kwalba da Larabci kan narke ya koma wasu zane-zane marasa ma'ana, musamman in kyamara ta motsa. In da hannu a hoton, a ƙirga yatsu, don sukan haɗe ko su ƙaru. In kuwa ta ce kwalbar ta juya, na'urar ba ta taɓa ganin bayanta ba, sai ta ƙirƙiro wani. Wannan kuwa a ciniki nuna wa mai saye abin da babu ne.

Kafin ki tura wa kowa, tsayar da bidiyon a ƙarshensa, ki gwada shi da hotonki na asali. A can ƙarshen kuskure ya fi taruwa. In kwalbar ta canja, ki rage motsin ki sake gwadawa, amma ki tuna kowane gwaji yana cin makin da manhajar ta ba ki.

Aikin gida: ɗauki hoton kofin shayi mai tururi, ki sa tururin ya tashi. Rubuta abu ɗaya da ya canja tsakanin farkon bidiyon da ƙarshensa.