Hoton taro ya shigo WhatsApp: kurakuran da ake yi wajen cewa "wane ne wannan"

A ce an turo hoton buɗe rijiyar burtsatse a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Mutum huɗu a gaban tebur, ƙyalle mai rubutu a bayansu, ɗan bautar ƙasa a gefe, a ƙasa kuma an rubuta: "Ciyaman, na biyu daga hagu."

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar wannan rubutu na ƙasa tamkar a jikin hoton yake. Wanda ya tura ne ya buga shi da yatsansa, kowa kuma na iya sauya shi kafin ya tura gaba. A nemi inda hoton ya fara fitowa, shafin ƙaramar hukumar ko jarida, a ga abin da suka rubuta. Sannan "hagu" hagun mai kallo ake nufi. Idan da kyamarar gaba ta waya aka ɗauka, hoton na iya juyewa kamar a madubi, na biyu daga hagu ya koma na biyu daga dama. Gane wannan ba wuya: dubi rubutun ƙyallen, in haruffan sun juya baya, jerin mutanen ma ya juya.

Katin suna da ke kan tebur shi ma yana ruɗin mutane. Katin na cewa kujerar ta wane ce, bai ce shi ne a zaune ba. Duk mai zuwa taro ya san sau nawa ake jin "ya samu wakilcin sakatarensa." Wakilin kuwa kan kujerar maigidan zai zauna, katin na gabansa. Haka ƙyallen "barka da zuwa": tun kafin ranar aka buga shi, ko babban baƙo ya zo ko bai zo ba. Sunan da aka ɗinka a ƙirjin rigar ɗan sanda ya fi wannan ƙarfi, domin a jikin mutumin yake.

Kaki kuwa aiki yake nunawa. Idan ɗan bautar ƙasar nan na rataye da kati mai lamba irin JG/23A, abin da ka samu shi ne a Jigawa aka tura shi, rukunin A na 2023. Wannan na taimakawa wajen sanin shekarun hoton, amma bai mayar da shi ɗan Jigawa ba. Jar hula ko riga mai hoton ɗan takara ma ba sa faɗin suna. A kamfe raba su ake yi.

A tsofaffin hotuna a kula da allon makaranta ko na asibiti. Allo mai "Kano State" na iya zama a Gumel ko Haɗejia, tunda sai a 1991 aka cire Jigawa daga Kano.

A hotonmu, in shafin hukumar ya ambaci ciyaman, rubutun ƙyallen bai juye ba, rahoton taron kuma bai ce wakili aka turo ba, sai a rubuta sunan. In ɗaya ya saɓa, a tsaya kan "jami'in ƙaramar hukuma" har a tambayi mai unguwa ko wani da ya halarta.